Yadda ake mayar da takardar gargaɗi gajeren bidiyo

Takardar gargaɗin damfara da ake liƙawa a rumfar mai POS takan lissafa dabarun ɓarayi har goma da ƙananan haruffa, kuma da wuya mai layin cire kuɗi ya tsaya karanta ta. Idan za a mayar da ita bidiyo na minti ɗaya, aikin farko shi ne a zaɓi dabara guda, sauran su jira nasu bidiyon.

Ɗauki damfarar kiran waya. A nuna mai sayar da ƙosai tana tsaka da ciniki, waya ta yi ƙara. Mai kiran ya gaishe ta da ladabi, ya ambaci cikakken sunanta, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunta yau saboda matsalar BVN. Sai saƙon OTP ya shigo.

"Hajiya, karanto min lambobin nan in gyara miki."

Nan ne ya kamata a ba lokaci. A nuna fuskar wayar kusa-kusa, a bar shakkar matar ta fito, sannan ta ce, "Malam, zan je bankin da kaina," ta kashe wayar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ba ɗan damfarar muryar mugu. Na gaskiyar yana da fara'a da haƙuri, kuma mai kallon da aka saba masa da muryar mugu ba zai gane shi ba ranar da ya kira.

A rufe da magana ɗaya, a faɗe ta da baki domin wanda bai iya karatu ba: ma'aikacin banki ba ya tambayar PIN ko OTP.