LinkedIn: Sashen da ke kawo kwastoma da wanda ke kawo masu neman aiki

Ƙananan 'yan kasuwa kan rikita sassa biyu da ke ƙarƙashin maɓallin "Open to" a LinkedIn. "Hiring" na mai ɗaukar ma'aikata ne. Mai neman kwastoma kuwa "Providing services" zai zaɓa.

A ɗauki misalin akanta a Garwa, Kamaru, mai tsara wa 'yan kasuwa lissafi. Idan ya kunna "Hiring", tambarin #Hiring zai kewaye hotonsa, sai takardun neman aiki su yi ta shigowa maimakon ciniki. Da ya ga haka, ya san ya yi kuskure.

A "Providing services" ana iya zaɓar ayyuka har 10, amma biyu ko uku da ya ƙware a kansu sun wadatar. Sai ya rubuta gajeren bayani da Faransanci ko Turanci, ya sa garinsa, ya nuna ko yana aiki daga nesa. Ya kuma bar kowa ya aiko masa da saƙo kyauta, don wanda ba su haɗu a dandalin ba ya iya tambayar farashi.

"Hiring" kuwa ya jira sai ranar da yake neman mataimaki.