Kwalba Biyu, Jini Uku

Jefa ƙwayar sukari biyu a ƙaramin kofin shayi, sai zaƙi ya kai maka har ka. Jefa biyun nan a cikin butar mai shayi, da ƙyar harshenka zai ji wani abu. Haka barasa take yi a jikin ɗan Adam. Idan ta ratsa hanji ta shiga jini, sai ta bazu cikin ruwan jiki baki ɗaya, kuma yawan ruwan nan shi ke nuna yadda za ta tsinke. Ko wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba ya kamata ya san wannan, tunda titi ɗaya yake bi da masu sha.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Erik Widmark, ya fitar da lissafin abin a 1932. Ana raba giram ɗin barasar da aka sha da nauyin mutum, bayan an ninka nauyin da 0.68 ga namiji, ko 0.55 ga mace. Dalilin bambancin kitse ne. Tsoka cike take da ruwa, kitse kuwa ruwansa kaɗan ne, barasa ba ta samun wurin zama a cikinsa, kuma jikin mace bisa halitta ya fi na namiji kitse.

A ce mutum uku sun sha babbar kwalbar giya biyu-biyu. Kowace kwalba mililita 600 ce mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, wato kowa ya haɗiye barasa kusan giram 48. Na farko ƙato ne mai kilo 90: jininsa zai kai kamar giram 0.8 a kowace lita. Na biyu siririn saurayi mai kilo 60, shi zai kai 1.2. Ta uku mace ce, ita ma kilo 60, amma nata zai doshi 1.5, kusan ninkin na ƙaton. Ƙasashe da yawa sun sa iyakar tuƙi a 0.5, ka ga har ƙaton da ke bugun ƙirji cewa bai ji komai ba ya zarce ta.

Lissafin kintace ne, yana nuna ƙololuwa. Cikin da ke ɗauke da tuwo yana jinkirta shigar barasa jini, sai ƙololuwar ta ragu. Sikeli ma yana ruɗi: mai tumbi da ɗan dako na iya zuwa kilo ɗaya, amma ɗan dakon ya fi ruwa a jiki.

Abin da ya fi damuna shi ne saukowar. Hanta na rage kusan 0.15 ne kawai a awa guda, kuma goro, baƙin shayi ko wanka da ruwan sanyi ba sa ƙara mata sauri. Ƙaton zai jira wajen awa biyu kafin ya sauko 0.5. Matar kuwa sai ta haura awa shida, wato idan ta tashi daga sha da tsakar dare, gari zai waye jininta bai gama saukowa ba.