Yadda Awon Safiyo Ke Zama Taswirar Tudu Da Kwari A Kwamfuta

Kafin injiniya ya zana titi, ko magudanar ruwa, ko filin kasuwa, sai ya san inda ƙasa ta tashi da inda ta faɗa, domin ruwa gangare yake bi. Wannan sani yana zuwa ne daga safiyo, wanda ke zagaya filin da na'urar awo mai ƙafa uku ko ta tauraron ɗan'adam, yana ɗaukar awon wurare ɗaya bayan ɗaya. Kowane wuri da ya auna ana kiransa ɗigo. Abin da yake miƙa wa ofishin zane jerin lambobi ne kawai, kuma aikin mai zane shi ne ya mai da su siffar ƙasa a cikin manhaja irin su Civil 3D ta kamfanin Autodesk. Aikin mataki uku ne: shigar da ɗigogi, gina fuskar ƙasa, sannan fitar da layukan kontuwa.

Fayil ɗin safiyo rubutu ne tsagwaronsa, layi ɗaya ɗigo ɗaya, an raba lambobin da waƙafi. Ga misalin layuka biyu daga wani fili da za a iya ɗauka yana kusa da Kano:

```
101,447210.35,1326480.12,472.40,KASA
102,447230.35,1326480.12,474.40,KASA
```

Lamba ta farko sunan ɗigon ce. Ta biyu tana nuna matsayinsa ta gabas, ta uku matsayinsa ta arewa, ta huɗu kuma tsayinsa, duka a mita. Kalmar ƙarshe alama ce da safiyo ya sa don a san abin da ya auna, ko tsurar ƙasa ce, ko gaɓar kwari, ko gindin bishiya. A Civil 3D ana shigar da fayil ɗin ta `Points from File` da ke ƙarƙashin `Insert`, sai manhajar ta tambayi tsarin da aka jera lambobin. Wannan fayil tsarinsa `PENZD` ne, wato gabas ta riga arewa. Akwai kuma `PNEZD`, inda arewa ke rigan gabas.

A nan ne ake yawan yin kuskuren farko. Idan aka zaɓi `PNEZD` alhali fayil ɗin `PENZD` ne, manhajar ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta karɓi ɗigogin, amma filin zai fito a birkice, abin da ke gefen gabas ya koma arewa, kuma duk filin ya faɗa wani wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita daga inda yake. Mai aiki a Kano ko Zariya ko Katsina yana da hanya mai sauƙi ta gane bambancin: a tsarin UTM, lambar arewa ta waɗannan garuruwa ta haura miliyan ɗaya, ta gabas kuwa ba ta kai ba. Ginshiƙin da ke da lambobi bakwai kafin ɗigon goma shi ne arewa. Haka nan ana tambayar safiyo shiyyar da ya yi aiki da ita, domin Kano tana shiyya ta 32, Sakkwato ta 31, Maiduguri ta 33. Ana kuma tambayar ko awon yana kan tsohon ma'aunin Minna ne ko kan WGS 84 na tauraron ɗan'adam, don tsakanin biyun akwai ratar mita masu yawa, wadda ta isa ta jefa titi cikin gonar maƙwabci.

Bayan ɗigogi sun shiga, ba dukansu ne suka cancanci shiga fuskar ƙasa ba. Safiyo yakan auna saman katanga, da murfin rijiya, da alamar tsayi da aka kafa a jikin gini, kuma babu ɗayansu da ke nuna tsayin ƙasar da ake takawa. Shi ya sa ake ware ɗigogin tsurar ƙasa a rukuni guda da ake kira `Point Group`, ta hanyar alamomin da ke ƙarshen kowane layi, a bar sauran a gefe.

Mataki na biyu shi ne gina fuskar ƙasa. A shafin `Prospector` ana zaɓar `Create Surface`, a ɗauki nau'in `TIN surface`, sannan a ƙara rukunin ɗigogin a ƙarƙashin `Definition`. Abin da manhajar ke yi shi ne ta haɗa ɗigogi uku-uku na kusa da juna ta yi alwatika, har filin ya rufe baki ɗaya da alwatikoki da ba sa hawa kan juna. Ka'idar da take bi wajen zaɓar waɗanda za ta haɗa ta samo suna daga masanin lissafi ɗan ƙasar Rasha, Boris Delaunay, wanda ya bayyana ta a 1934. Ka'idar ta fi son alwatika mai cikakken jiki a kan doguwa siririya. Abin lura shi ne tana duba tazarar ɗigogi a shimfiɗe kawai, ba ta la'akari da tsayinsu wajen zaɓin. Kowace alwatika kuma ana ɗaukarta a matsayin falle miƙaƙƙe, babu tudu babu rami a cikinta. Saboda haka duk abin da ke tsakanin ɗigogi biyu, manhajar ba ta san da shi ba.

Daga waɗannan alwatikoki ake fitar da kontuwa, wato layin da ke haɗa duk wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Wanda ya taɓa ganin zoben da ruwa ke bari a jikin kududdufi yayin da yake janyewa da rani, ya ga irin wannan layi. Lissafinsa ba shi da wuya. Ɗigo na 101 yana kan mita 472.40, na 102 yana kan 474.40, tsakaninsu mita 20. Ƙasar ta tashi da mita 2 ke nan a cikin mita 20, wato santimita 10 a kowace mita. Layin mita 473 yana sama da ɗigo na 101 da santimita 60, don haka zai ratsa a mita 6 daga gare shi. Layin 474 zai ratsa a mita 16. Manhajar tana maimaita wannan lissafi a kowane gefe na kowace alwatika, sannan ta haɗa wuraren da suka yi daidai.

Raunin wannan hanya yana bayyana a inda ƙasa ta karye ba zato, kamar kwari ko lambatu ko gefen titi. A ɗauka akwai kwari da ya ratsa filin nan, faɗinsa mita 8. Safiyo ya auna gaɓar hagu ya sami 473.80, ta dama 473.60. A cikin kwarin kuma ya auna wurare biyu da ke nesa da juna da mita 30, ɗaya a sama da waɗannan gaɓoɓi yana kan 471.90, ɗayan a ƙasa da su yana kan 471.50. Ɗigogi huɗu ke nan, kuma ana iya raba su alwatika biyu ta hanya biyu: ko a ja layi daga gaɓa zuwa gaɓa, ko a ja shi daga ɗigon kwari zuwa ɗan'uwansa. Da yake mita 8 ta fi 30 kusa, manhajar za ta haɗa gaɓa da gaɓa. Sakamakon haka, tsakiyar kwarin zai nuna 473.70, alhali ainihinsa wajen 471.70 ne. An gina madatsar ruwa mai tsayin mita 2 a kwamfuta, wadda babu ita a fili. Injiniyan da ya dogara da wannan taswira zai ɗora kwalbati sama da inda ruwa ke bi, kuma lissafin tifofin ƙasar da za a yi ciko da su zai gaza.

Ana gane matsalar daga kontuwar kanta. A kwari na gaskiya, layukan sukan lanƙwashe su yi tsini, tsinin yana kallon inda ruwa ke fitowa, ɗaya na bin ɗaya har ƙarshen kwarin. Idan kuwa aka ga ƙananan zobba rufaffu sun jeru a kan hanyar ruwa, kamar ramuka ne daban-daban, to alwatikoki sun tsallaka kwarin. Maganinsa layin karaya ne, wanda ake ƙarawa ta `Breaklines`. Ana zana layi mai tsayi da ya bi ɗigogin cikin kwarin bi-da-bi, da wasu biyu da suka bi gaɓoɓin, a ba manhajar. Daga nan ba a yarda wata alwatika ta ƙetare su ba, dole gefenta ya kwanta a kansu. Idan wurin ɗaya ne tak, ana iya juya layin da hannu ta `Swap Edge`. Sai dai layin karaya ba ya ƙirƙiro awon da ba a yi ba: idan safiyo bai sauka cikin kwarin ba, sai an koma fili.

Matsala ta biyu tana gefen fili. Manhajar takan haɗa ɗigogin da suka fi kowa nisa ta waje, don haka idan filin yana da kusurwa da ta shige ciki, za ta cike gurbin da dogayen alwatikoki a kan ƙasar da ba wanda ya auna. Ana yanke su ta hanyar ba fuskar iyaka a `Boundaries`, ko a ƙayyade iyakar tsawon gefen alwatika. Idan ɗigogi suna tazarar mita 20 zuwa 25, gefen da ya kai mita 80 abin tuhuma ne. Ta uku kuma kuskuren lamba ce. Idan aka rubuta 47.28 a maimakon 472.80, ko wani ɗigo ya shigo da tsayin sifili, kontuwa za ta taru a wurin cunkus, zobe cikin zobe. Duba mafi ƙarancin tsayi da mafi yawa a shafin `Statistics` yana tona irin wannan cikin minti guda: filin da ya kamata ya tsaya tsakanin 470 da 476 ba zai nuna 47 ba sai da dalili.

Tazarar kontuwa ana saita ta ne a salon fuskar, wato `Surface Style`, ba a cikin awon ba. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta kewayen Kano, tazarar mita 1 tana iya barin fili kusan fayau, sai a sauko zuwa rabin mita ko kwata. A ƙasa mai duwatsu kamar Filato, mita 2 ko 5 ta fi dacewa don kada layuka su cakuɗe. Bisa al'ada kowane layi na biyar ana ƙara masa kauri a rubuta tsayinsa a kai. Rage tazara ba ya ƙara gaskiyar taswira, haka ma gyara layukan su yi santsi ado ne kawai, domin lissafin yanka da ciko daga alwatikoki ake yinsa, ba daga layukan da ido ke gani ba.

Gwajin ƙarshe shi ne a ajiye wasu ɗigogi da aka auna ba tare da an sa su cikin fuskar ba, sannan a tambayi manhajar tsayin da ta ba waɗannan wurare. Idan bambancin 'yan santimita ne, fuskar ta isa a gina zane a kanta. Idan ya kai rabin mita a wani yanki, wannan yankin yana buƙatar ƙarin awo ko layin karaya kafin a zana titi ko magudana.