Tallar da Aka Biya Amma Ido Bai Gani Ba

Kafin shafin labarai ya gama buɗewa a waya, an riga an yi gwanjon gurbin tallar da ke cikinsa. Na'urori ne ke tayi a madadin masu talla, cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Farashin da ke fitowa a rahoto shi ne CPM, wato kuɗin fitowar talla sau dubu.

Sai dai fitowa daban, gani daban. Talla na iya sauka can ƙasan shafi, mai karatu ya fice bai gangara ba, kuma a caji mai ita. A 2014 Google ya bayyana cewa kashi 56.1 cikin ɗari na tallolin da ya auna ba su kai ga idon kowa ba. A shekarar ce hukumar MRC ta Amurka ta kafa mizani: sai rabin hoton talla ya bayyana a fuskar waya ko kwamfuta na daƙiƙa ɗaya ba yankewa, ko daƙiƙa biyu idan bidiyo ce, kafin a ce ta ganu.

A ɗauka mai sayar da takalma ya zuba naira 200,000 a kowanne daga shafuka biyu. Na farko yana karɓar naira 500 a kan dubu, don haka tallar ta fito sau 400,000. Na biyu naira 1,000 yake karɓa, fitowa 200,000 kacal. A ido, na farko ya yi arha. Amma kashi 30 ne kawai suka ganu a can, wato 120,000, alhali a na biyu kashi 75 ne, wato 150,000. Idan aka raba kuɗin da abin da ya ganu, dubu ɗaya ta tashi kusan naira 1,667 a shafin farko, 1,333 a na biyu. Wannan adadi shi ake kira vCPM, kuma shi ya fi cancanta a yi ciniki a kansa.

Akwai wani tarkon. Ba kowace fitowa ce ake iya aunawa ba, kuma daga waɗanda aka auna ake fitar da kason. Shi ya sa mai lura yake duba layin `Measurable` kafin na `Viewable`. Kashi 80 da aka samo daga rabin tallolin bai faɗi komai a kan sauran rabin ba.

Mizanin kansa ma sassauƙa ne, domin fuskar waya yake aunawa, ba hankalin mutum ba. Wasu shafukan an gina su ne don talla kawai: suna liƙa ta a wurin da ba ta gushewa, suna sabunta ta a kai a kai. Idan shafin da ba a san shi ba ya nuna ganuwa sama da kashi 90 a farashi mai arha, ga shi babu ciniki ko ɗaya daga gare shi, masu sayen talla kan cire shi daga jerinsu.