Ta zo awo, amma an auna ta? Abin da mata masu nakasa ke tararwa a gidan likita

Ƴan uwa mata, a kusan kowane asusu akwai ita, ko kuwa tana maƙwabtaka da ɗaya daga cikinmu: wadda shan inna ya taɓa wa ƙafa tun tana yarinya, ko kurma, ko makauniya. Tana aure, tana ɗaukar ciki kamar kowace mace. Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ce awon ciki da aikin fiɗa na haihuwa kyauta ne a asibitocinta. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, a 2019 kuma aka yi doka ta musamman dominsu. To amma a takarda ne. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: ranar da wannan ƴar uwa ta je awo, an yi mata duk abin da ake yi wa sauran mata?

Sau da yawa amsar ita ce a'a. Takan isa, a rubuta sunanta, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta komo gida. Kowa ya ɗauka ta yi awo, alhali rabin awon aka yi.

Daga ƙofa zuwa gadon awo

Mu ɗauki misali. Mace ce mai cikin fari, wata shida, ƙafafunta biyu sun shanye, da keken guragu take tafiya. Ta biya amalanke ya kai ta gidan likita na CSI. Da isarta sai ta tarar da matakala biyu a bakin ɗakin awo. Ko dai a ɗauke ta kamar kaya a gaban jama'a, ko ta sauka ta ja jiki a ƙasa. Wata a layi ta dube ta ta ce: «Ke ma da ciki? Wa ya yi miki wannan aiki?» Wannan magana ita kaɗai ta isa ta hana mace dawowa.

A ciki, abu na farko shi ne sikeli. Ba ta iya tsayawa a kai, sai a bar gurbin nauyi babu komai. Na biyu fitsari: ana son ta kawo kaɗan a gwada, amma makewayin yana can bayan gida, ƙofarsa ƙarama, ramin tsuguno ne. Sai a ce a bar shi sai wani zuwan. Na uku gadon awo, wanda tsayinsa ya kai ƙugun mutum a tsaye. Ungozomar asibiti ita kaɗai ce, mata da yawa na jira a waje, ba mai kama mata. Sai ta taɓa cikin daga zaune, ta saman zane, ta ce lafiya lau.

Kowane ɗaya daga abubuwan nan da aka tsallake yana da aikinsa. Nauyi yana nuna ko uwa na samun abinci, ko kuma tana tara ruwa a jiki. Gwajin fitsari tare da awon jini a hannu su ne ke tona hawan jinin ciki, wanda in an bar shi yake kai mace ga jijjiga. Idan awon ya kai 140 bisa 90, abin a sa ido ne. Kwanciya a gado kuwa ita ke ba da damar a auna tsayin ciki da zaren awo, a saurari zuciyar ɗa, a gane ko kansa ne a ƙasa ko a gicciye yake. Daga wajen wata shida, tsayin ciki a santimita yakan yi kusan daidai da yawan satin cikin. Daga zaune ba a samun wannan lissafi daidai.

Shi ya sa hanya mafi sauƙi ta gane ko an yi awo na gaskiya ita ce a buɗe karnen awo. A sa wadda ta iya karatu a cikin ƙungiya ta duba, da izinin mai shi. Idan gurbin nauyi, da na tsayin ciki, da na fitsari sun zauna fayau zuwa biyu ko uku, ba a auna ta ba, ganinta kawai aka yi.

Gyaran da bai fi ƙarfin gidan likita ba

Yawancin waɗannan matsaloli ba sa bukatar sabon gini. Matakala ana yi mata gangara da siminti, amma da ƙa'ida: kowane santimita ɗaya na tsayi yana son santimita 12 na tsawo. Matakalar da ta kai santimita 30 ke nan gangararta sai ta kai mita uku da santimita 60. In aka gajarta ta, keke ba ya hawa, kuma mai saukowa tana iya kifewa. Ƙofa kuma ta kai faɗin santimita 90, kada a tare ta da benci.

Gadon awo, a samu ɗaya mai gajerun ƙafafu, daidai da mazaunin keke, wajen santimita 45 zuwa 50 daga ƙasa, yadda mace za ta zame kanta ta hau ba sai an ɗaga ta ba. Maƙeri ko kafinta na gari yana iya yin sa. Kafin a samu, katifa mai tsabta da leda a ƙasa, a bayan labule, ta fi awo daga zaune nesa ba kusa ba. In kwanciya rigingine na yi mata wuya, a tokare ta da matashi, a ɗan karkata ta hagu.

Nauyi ma akwai dabara: mai rakiya ta hau sikeli ita kaɗai, sannan ta hau ɗauke da mai cikin in ta yarda, a cire na farko daga na biyu. In hakan bai yiwu ba, a auna kaurin damtsenta da zaren awo. Ƙasa da santimita 23 alama ce ta rashin isasshen abinci. Makewayi kuwa, kujerar katako mai huda a tsakiya da ƙarfen kamawa a bango sun wadatar, ko a ba ta fo mai tsabta a cikin ɗaki.

Wadda ba ta ji, da wadda ba ta gani

Kurma tana hawa matakala da gado ba wahala. Tata matsalar magana ce. Ana kiran suna a layi ba ta ji ba, har a tashi. A cikin ɗaki ana yi wa uwar mijinta bayani, ita tana kallo. Har sakamakon gwajin jini, wanda sirrinta ne, wani ake faɗa wa. Gyaran shi ne a je a taɓa ta in layinta ya zo, ma'aikaciya ta fuskance ta cikin haske, ta yi magana a hankali ba da ihu ba, kuma ita da kanta ta zaɓi wanda zai fassara mata. Alamomin haɗari a nuna mata su a hoto: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zazzaɓi, fashewar ruwa kafin lokaci, ɗa ya daina motsi. Sannan a sa ta maimaita da hannunta, domin gyaɗa kai ba shi ne fahimta ba.

Makauniya kuma a gaya mata abin da za a yi kafin a taɓa jikinta. Fansida ta kariyar zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku, a gaban ma'aikaciya ake shanta, daga shiga wata na huɗu, da tazarar wata ɗaya, aƙalla sau uku kafin haihuwa; wannan ba ta da ruɗani. Na gida ne ake rikitawa. A ɗaura zare mai ƙulli ɗaya a ledar maganin da ake sha sau ɗaya a rana, ƙulli biyu a na sau biyu, a bar ta ta shafa ta tabbatar.

Ina za ta haihu?

Nan ne ake kuskure iri biyu. Wasu da sun ga keke sai su yanke cewa sai fiɗa. Ba haka ba ne: shan inna ba ya hana mahaifa aikinta, ba a kuma gadonsa, mata da yawa da ya taɓa suna haihuwa da kansu. Wasu kuma ba sa duba komai, alhali ciwon yana iya karkatar da ƙashin ƙugu ko na baya, hanya ta matse. Naƙuda ta daɗe a gida, a rasa ɗan, uwa ta tashi da yoyon fitsari, irin matan da ake yi wa aiki a Danja kusa da Maraɗi.

Abin da ya dace shi ne tun kafin wata takwas a tura ta inda akwai likitan mata da ɗakin fiɗa, kamar asibitocin uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, ko asibitin haihuwa na Isaka Gazobi a Yamai, ko asibitin gunduma mai yin fiɗa. A duba ta, a gaya mata da kanta, a rubuta a karne inda za ta haihu. Wadda kuma ta samu rauni a lakar baya har ba ta jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa, tana iya shiga naƙuda ba ta sani ba. Ita a koya mata shafa ciki ta ji taurinsa, kuma ta matso kusa da asibiti tun kwanaki ba su cika ba.

Rabonmu a ciki

Awo kyauta ne, amma hanya ba kyauta ba ce, kuma mai nakasa kuɗin mutum biyu take biya, nata da na mai rakiya. Ƙungiya mai mata 25, in kowace ta zuba dala goma a sati cikin akwatin taimako, an tara jika ɗaya da dala hamsin ke nan, jika biyar a sati huɗu. A amince tun yanzu, a gaban kowa, cewa kuɗin zuwa awo da na ranar naƙuda na ƴar uwa mai nakasa daga nan za su fito, taimako ne ba bashi ba. A sa mata biyu su riƙa karɓa-karɓa wajen rakiya, a riƙe lambar mai amalanke ko mai mota tun da wuri.

Sannan uwar ƙungiya da mata biyu, har da mai nakasar kanta, su je wurin manjo da kwamitin kula da gidan likita. Kada a je da ƙorafi kawai, a je da bukata ƙirgaggiya: gangara, gado mai gajerun ƙafafu, kujerar makewayi, da a riƙa shigar da ita ba tare da dogon layi ba. Abin da ya fi ƙarfin kwamiti a kai shi ofishin magajin gari, a nemi ƙungiyar nakasassu ta yankin ta dafa. Gadon nan in an yi shi, mai cikin wata tara da wadda aka yi wa fiɗa ma za su hau shi da sauƙi.

A zaman asusu mai zuwa, bayan an gama zubi, a tambaya: wace ce mai ciki a unguwarmu da ba ta iya zuwa awo da ƙafarta, kuma wa za ta raka ta ranar awo ta gaba?