Me Ya Sa Batirin 200Ah Ba Ya Ba da 200Ah?

Ƙorafi ne da masu haɗa sola suka saba ji: mutum ya sayi sabon batir, an rubuta 200Ah a jikinsa, amma tun dare bai raba ba inbata ta fara kuka. Nan da nan sai a ce jabu ne. Wani lokacin jabun ne kuwa, amma sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau. Abin da mai shi bai sani ba shi ne, adadin da ke jikin batir alkawari ne mai sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne saurin da ake zuƙar wutar. Wannan saurin ne ake rubutawa C-rate a takardar bayanin batir.

Lissafinsa ba wuya. A ɗauki amfiyar da ake zuƙa a raba ta da girman batirin. Batirin 200Ah da ake jan amfiya 200 daga cikinsa yana aiki a kan 1C, wato a lissafi zai ƙare cikin awa ɗaya. In amfiya 40 ake ja, 0.2C ke nan, awa 5. In amfiya 10 ce, 0.05C, awa 20. Don haka amfiya 40 ba ta da yawa ko kaɗan a karan kanta: wasa ce ga babban batir, azaba ce ga ƙarami.

Wanda ya duba jikin batirin ruwa da kyau zai ga an rubuta C20 ko C10 kusa da adadin. C20 na nufin kamfanin ya auna batirin ne yana jan wutar a hankali har tsawon awa 20. Wato 200Ah ɗin nan za a same shi ne idan amfiya 10 kawai ake ja, har ƙarfin batirin ya sauka zuwa bolt 10.5. Amfiya 10 a batir mai bolt 12 kuwa wat 120 ne kacal, kimanin fanka ɗaya da 'yan ƙwayaye. Gidaje ƙalilan ne ke tsayawa nan.

Mu ɗauki gidan da ke da batir ɗaya mai bolt 12, 200Ah a C20. Da dare an kunna fankoki, talabijin, ƙwayaye da ƙaramar firiza, jimilla wat 430. Ita ma inbata tana cin rabonta, kusan kashi ɗaya cikin goma, don haka batirin wat 480 yake fitarwa. A raba da 12, an sami amfiya 40. Maigida zai yi lissafin awa 5, amma ba zai same su ba.

Tun a shekarar 1897 wani masani Bajamushe, Wilhelm Peukert, ya nuna cewa batirin dalma da asid yana rage abin da yake bayarwa gwargwadon yadda aka matsa masa. Kowane batir yana da lambar da ke nuna tsananin wannan ragi, kuma a batiran dalma takan faɗa tsakanin 1.1 da 1.3. Idan muka ɗauka ta batirinmu 1.2 ce, amfiya 40 za ta ƙarar da shi cikin awa 3 da minti 47, abin da ya bayar kuwa kimanin 152Ah ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu bai fito ba. In aka haɗa da dutsen guga har jan ya kai amfiya 100, awa ɗaya da kwata kawai zai yi, ya ba da kimanin 126Ah. Ga shi kuma ba a son a riƙa shanye fiye da rabin batirin dalma idan ana so ya daɗe, don haka lokacin da gidan zai mora kullum bai kai awa biyu cikakku ba.

Ina sauran wutar ta shiga? Mafi yawanta tana nan cikin batirin, hannu ne bai kai gare ta ba. Farantan dalmar da ke ciki suna da ƙananan ƙofofi, kuma asid ɗin da ke cikin ƙofofin nan shi ke yin aikin. In ana ja a hankali, sabon asid yana samun lokacin shiga ya maye gurbin wanda aka cinye. In aka ja da ƙarfi, na cikin ƙofofin yana ƙarewa kafin na waje ya iso, sai ƙarfin bolt ya faɗi, inbata ta ɗauka batir ya ƙare ta yanke. Kamar rijiya ce da aka sa wa guga da yawa lokaci guda: ruwan zai ja baya har guga ya taɓa laka, amma in aka bar ta ta huta sai ya sake tsattsafowa. Shi ya sa za a ga inbata ta mutu, bayan ɗan lokaci a duba a ga bolt ya dawo sama da 12. Wannan alama ce ta cewa kaya sun yi wa batirin yawa, ko kuma ya tsufa.

Akwai kuma wutar da ke salwanta gaba ɗaya, ita ce wadda ta zama zafi. Cikin kowane batir akwai 'yar turjiya da wuta ke ratsawa kafin ta fito, zafin da take haifarwa kuwa ana lissafa shi da I²R, wato amfiya sau amfiya sau turjiya. Ma'anarsa, in aka ninka jan wuta sau biyu, zafi zai ninka sau huɗu. A ce turjiyar batirinmu om 0.005 ce. A amfiya 10, zafin rabin wat ne, ba wanda zai ji shi. A amfiya 40 ya zama wat 8. A amfiya 100 ya kai wat 50, kamar an kunna ƙwan fitila irin na da a cikin batirin. Haka ma wayoyi da kawunan batir suke: siririyar waya ko kan da bai ɗauru ba shi ke fara ɗaukar zafi, har robar ta yi laushi ko ta fara wari.

A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana auna batiran dalma ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage tsawon rayuwarsu da kusan rabi. A Sakkwato ko Maiduguri zafi kan haura 40 a watan Afrilu. Batirin da aka kulle a ɗakin kwano mara iska, sannan ake matsa masa da dare, zafi biyu ne ya haɗu masa, ruwansa zai riƙa ƙafewa, farantansa su lalace da wuri.

Maganin yana cikin lissafin. Idan gidan nan ya haɗa batir biyu a jere ya koma inbata mai bolt 24, wat 480 ɗin nan amfiya 20 kawai zai ja, wato 0.1C. Kowane batir zai ba da kimanin 174Ah, lokacin kuma ya kai awa 8 da minti 40, fiye da ninkin na farko. Zafin kowannensu ya sauka daga wat 8 zuwa 2. Kashe firiza da dare a bar ta ta yi sanyinta da rana ma yana sauko da jan wutar ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Batirin litiyam, irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, bai cika wannan ragi ba. Ko a 0.5C yakan ba da kusan duk abin da aka rubuta masa. Amma shi ma dokar zafi tana kansa, kuma yana da na'urar tsaro a ciki, BMS, wadda ke yanke wuta da zarar an wuce iyakar amfiyar da aka sa mata. Da yawa masu 100Ah iyakarsu amfiya 100 ce, don haka babbar inbata na iya sa shi ya ɗauke alhali yana cike.

Kafin a biya kuɗin batir, a tambayi a kan C nawa aka auna shi, domin 200Ah a C10 ya fi 200Ah a C20 ƙarfi. Sannan a haɗa wat ɗin kayan gida, a raba da bolt, a sake rabawa da girman batirin. In batirin dalma ne kuma amsar ta wuce 0.1C sosai, to ko dai a rage kaya ko a ƙara batir.