Sanarwa Ɗaya, Harshe Biyu: Yadda Ake Jera Su Kafaɗa da Kafaɗa

A allon sanarwa na makarantu da asibitoci, sau da yawa za ka ga Turanci a hagu, Hausa a dama, sun fara tare daga sama, amma kafin tsakiyar takarda kowa ya kama gabansa. Ranar komawa makaranta tana kallon kuɗin littattafai, sa hannun shugaba kuma ya gangara can ƙasa shi kaɗai.

Dalilin shi ne Hausa ta fi cin wuri: abin da Turanci ya faɗa a layi biyu, ita takan so uku. Mai buga takarda sai ya yi ta danna Enter don ya cike giɓin, alhali da an ƙara kalma ɗaya aikin ya rushe. Columns na manhajar Word ma ba na wannan aiki ba ne, domin rubutu malala yake yi daga wannan ɓangare zuwa wancan.

Maganin shi ne tebur mai ɓangare biyu, kuma kowane sakin layi da sahunsa. A ce sanarwar iyayen yara ce mai batu biyar: take, ranar komawa, kuɗin makaranta, taron iyaye da malamai, sai sa hannu. Shiga Insert, zaɓi Table, ka yi gida biyu a kwance, biyar a tsaye. Batun kuɗi da Turanci ya shiga gidan hagu na sahu na uku, Hausarsa ta zauna dama da shi. In Hausar ta kai layi huɗu, sahun gaba ɗaya ne zai buɗe, na huɗu kuma ya fara daidai a ɓangarorin biyu. Nan ne mutane ke tuntuɓe: sukan yi teburin, sannan su zuba komai cikin sahu ɗaya, an gudu ba a tsira ba.

Ba dole a raba faɗin daidai wa daida ba. Takardar A4 santimita 21 ce. In an bar 2.5 kowane gefe, saura 16. Ba Hausa 8.5, Turanci 7.5, farin filin da ke ƙarƙashin Turancin zai ragu. Sai ka danna AutoFit, ka zaɓi Fixed Column Width don kada faɗin ya motsa. In sanarwar ta wuce shafi ɗaya, buɗe Table Properties, ƙarƙashin Row ka cire alamar Allow row to break across pages, kada batu ya tsage biyu. Wanda ba ya son zanen layuka ya zaɓi No Border.

Saura baƙaƙe masu lanƙwasa. In ƙ ko ɗ ta fito da wata siffa dabam da 'yan'uwanta, ko ta zama ɗan akwati, salon rubutun ne ba shi da ita. Charis SIL da Andika suna da su duka. Kafin ka kai shagon buga takardu, mayar da aikin PDF, domin kwamfutarsu tana iya sauya salon rubutun, layuka su canja wuri.